Asuwaki Ko Buroshi: Wanne Ya Kamata Mu Riƙa, Kuma Ta Yaya?



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: tsakanin asuwaki da buroshi, wanne ya fi tsabtace baki? Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin da muke gogewa. Da yawanmu muna zaton ɓurɓushin tuwo da jan goro ne. Waɗannan masu sauƙi ne. Abokin gabar gaskiya shi ne wani danƙo mai laushi, fari-fari, da ke taruwa a gindin haƙori inda ya haɗu da dasashi. In ka kankari gindin haƙorinka da farce da safe za ka gan shi. Ƙwayoyin cuta ne cunkus a cikinsa, kuma kurkure baki da ruwa ba ya fitar da shi, sai an goge.

Ɓarna biyu yake yi. Ta farko, duk lokacin da ka sha shayi mai sukari ko lemon kwalba, ƙwayoyin nan suna mayar da sukarin tsami, tsamin kuma ya yi kamar rabin awa yana cin fatar haƙori. Yau da gobe sai rami ya buɗe, abin da muke cewa tsutsa ta ci haƙori, alhali babu wata tsutsa. Ta biyu, danƙon yana kumbura dasashi. A shekarar 1965 wani likitan haƙori mai suna Harald Löe ya yi gwaji a ƙasar Denmark: ya sa mutane masu lafiyayyen baki suka daina gogewa baki ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma ya warke cikin kusan mako guda. Idan aka bar danƙon nan ya daɗe, sai ya sandare ya zama kanta mai tauri, wadda asuwaki ko buroshi ba za su iya ɓamɓarewa ba.

Ke nan ma'aunin guda ɗaya ne: wanne ne zai kai ga gindin kowane haƙori, ta waje da ta ciki, kullum?

Bari mu fara da asuwaki. Wanda alhazai ke tsarabarsa daga Makka, ake kuma sayarwa a ƙofar masallatai, yawanci saiwar itacen arak ce, wanda masana tsirrai ke kira Salbadora fasika. Bincike ya nuna akwai sinadari a cikinsa mai kashe ƙwayoyin cutar baki, shi ne ma yajin da kake ji in sabo ne. A nan gida kuma muna da darbejiya, wato dogon yaro, da marke, da kirya, da reshen gwaba. Asuwaki ba ya buƙatar ruwa ko makilin, tauna shi na kawo yawu mai wanke tsami, ga shi sunna ce da ake yi sau da yawa a rana. Gwaje-gwajen da aka kwatanta shi da buroshi sun nuna cewa a hannun wanda ya iya, yana fitar da danƙo daga fuskar haƙora ta waje kamar yadda buroshi ke yi.

Rauninsa a ƙirarsa yake. Gashin asuwaki a miƙe yake da sandarsa, kamar tsintsiya: tana share abin da ke gabanta sarai, amma ba ta lanƙwasa ta shiga bayan randa. Gashin buroshi kuwa a gicciye yake, shi ya sa yake iya zagayawa bayan haƙora da can ƙuryar turame. Rauni na biyu shi ne fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa fatar haƙori ya hana rami. Ɗan abin da ke cikin itace bai kai yawan da ke cikin makilin ba, kuma a zamanin da sukari ya shiga shayi, kunu, biskit da alewar yara, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwa mai shekara 45, irin wanda duk mun sani. Asuwaki ba ya barin aljihunsa, yana yi kafin kowace salla, yana zaune a shago ma yana dirzawa. In ya yi murmushi haƙoransa farare tas. Amma yana kukan abu uku: ruwan sanyi na tsira masa a fiƙar hagu ta sama, matarsa ta ce bakinsa na ɗan wari, kuma wani turmi na ƙasa na yi masa zogi in ya sha shayi.

In aka duba bakinsa, ga abin da za a tarar. A fiƙar hagu dasashi ya ja baya, wuyan haƙorin ya fito har ya yi ɗan kwarmi. Dalili shi ne badame ne, hannun dama ya fi sauka da ƙarfi a gefen hagu, kuma yana dirzawa ne gefe zuwa gefe da busasshen asuwaki, na tsawon lokaci, a wuri ɗaya. A bayan haƙoran gaba na ƙasa kuma kanta ta yi dutse, domin a nan ƙarƙashin harshe yawu ke ɓuɓɓugowa, kuma asuwakinsa bai taɓa leƙawa can ba. Kantar nan da kumburin da ta jawo su ne tushen warin. Ramin turmi kuwa daga shayi ne mai cokali uku na sukari sau uku a rana, ba tare da fuloraid ba. Wannan bawan Allah ba ƙazami ba ne. Ya fi yawancinmu goge baki, amma wurare kaɗan yake maimaitawa.

To yaya ake yin asuwaki daidai? Ka zaɓi ɗanye, mai kaurin ƙaramin yatsa, tsawonsa kamar taƙi guda. In ya bushe, ka jiƙa bakinsa cikin ruwa mai tsabta na 'yan awoyi, kada ya kwana ya wuni a ciki, domin amfaninsa zai tsiyaye. Ka fere ɓawon kamar santimita ɗaya, ka tauna har ya yi laushi kamar gashi. Ka riƙe shi yadda ake riƙe alƙalami, saboda wannan riƙon ba ya barin ka danna da ƙarfi. Sai ka ɗora a gindin haƙori ka sharo daga dasashi zuwa bakin haƙori: na sama ka sharo ƙasa, na ƙasa ka sharo sama, haƙori ɗaya bayan ɗaya. In ka gama waje, ka buɗe baki sosai ka karkata sandar ka bi ta ciki, sannan ka bi saman turame. Minti biyu zuwa biyar sun isa. Ka wanke shi, ka bar shi ya sha iska, kada ka ɗaure shi da danshi cikin leda. Kullum ka yanke bakin da ka yi amfani da shi ka fere sabo. Kuma kada ka karyo reshen bishiyar da ba ka sani ba, domin akwai masu guba.

Shi ma buroshi akwai masu yi masa riƙon ganganci. Ka sayi mai ƙaramin kai, wanda aka rubuta SOFT a jikin kwalinsa. Mutanenmu sun fi son wanda aka rubuta HARD, wai ya fi fitar da datti, alhali danƙon nan mai laushi ne, ƙarfin sai dai ya ci dasashi. Ka duba jikin makilin ka ga adadin fuloraid: daga 1000 zuwa 1500 ppm shi ake so, za ka ga an rubuta misali 1450 ppm. Babba da yaron da ya kai shekara uku, ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. Ƙasa da shekara uku kuwa, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa. Ka karkata gashin buroshin ya fuskanci dasashi, rabi a kan haƙori rabi a bakin dasashi, ka riƙa ɗan jujjuyawa a hankali, haƙora biyu-biyu. Ka raba bakin gida huɗu, kowanne daƙiƙa 30, minti biyu ke nan. A bayan haƙoran gaba ka tsayar da buroshin a tsaye. Ka goge harshe. Daga nan ka tofar, amma kada ka kurkure da ruwa, domin kurkurewa na wanke fuloraid ɗin kafin ya yi aiki. Ka sauya buroshi bayan wata uku. In gashinsa ya baje tun wata guda bai cika ba, hannunka ya yi nauyi.

Iyayenmu mata, ga naku. Yaro ba ya iya goge bakinsa da kyau sai ya kai kamar shekara bakwai, don haka ku riƙa taya shi, ku kuma hana shi haɗiye makilin. Fuloraid in ya yi yawa a jikin yaro yana ɓata haƙora da tabo. A wuraren da ruwan sha yake da shi da yawa, kamar yadda ya faru a Tibiri kusa da Maraɗi, har ƙasusuwan yara ya taɓa. Mazauna irin waɗannan wurare su nemi shawarar ma'aikatan lafiya game da makilin ɗin ƙananan yara. Gawayi, toka da gishiri kuwa suna sa haƙori haske na ɗan lokaci ne ta hanyar kankare fatarsa, ita kuma ba ta sake tsirowa.

Ta yaya za ka san kana yi daidai? Bayan ka gama, ka zagaya da harshe ta ciki da waje. Inda ka ji santsi danƙon ya fita, inda ka ji kaushi ka koma. In ka ga jini, kada ka guje wa wurin. Jinin alama ce cewa an daɗe ba a kai gare shi ba, kuma da gogewa a hankali yakan tsaya cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ya wuce haka, ko haƙori na girgiza, ko akwai kanta, ko rami, sai asibitin haƙori. Tsakanin haƙora kuma ba asuwaki ba buroshi mai shiga, sai zaren sakace da ake samu a kantin magani.

Ga hukuncina. Ba sai ka jefar da ɗaya ba. Da dare kafin barci, buroshi da makilin mai fuloraid, domin yawu na raguwa a cikin barci, haƙori ya rasa mai kare shi. Bayan wannan gogewar kada a ci ko a sha komai sai ruwa. Da safe ma buroshi. Da rana, bayan cin abinci da lokutan salla, asuwaki. Wanda ba shi da halin sayen makilin ya riƙe asuwakinsa, ya bi ciki da ƙurya kamar yadda muka bayyana, ya kuma rage yawan lokutan shan zaƙi. Ɗan kasuwarmu abin da zai yi ke nan: ya je a kankare masa kanta a cike ramin, ya sassauta hannu, ya ƙara buroshin dare.

Ina roƙon kowa da ke nan, yau da dare ya ɗauki madubi ya dubi bayan haƙoransa na ƙasa, ya kuma duba na 'ya'yansa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.