Daga Hoton Allo Zuwa Jadawalin da Ake Gyarawa Tare



Tun da aka mayar da Kwalejin Aikin Gona ta Zuru Jami'ar Tarayya a 2020, harkar karatu a ƙasar Zuru ta ƙara faɗi, kuma duk inda azuzuwa suka yi yawa a kan ɗakuna kaɗan, jadawalin darussa ne wurin da rigima take fara tsirowa. Yadda ake yi a yawancin makarantunmu, manya da ƙanana, kowa ya sani. Jami'in jadawali ya zana gidaje a farin allo, ya cike su da maka, wakilin aji ya ɗauki hoto ya tura a WhatsApp. Bayan kwana uku an goge gida biyu an sake rubutawa, wani ya sake ɗaukar hoto, sai a wayi gari hotuna uku suna yawo, ba wanda ya san wanne ne na ƙarshe. Ɗalibin da ya biya kuɗin acaɓa daga Dabai ko Rikoto ya iso ya tarar an mayar da laccarsa jibi. Na daɗe ina jayayya da abokan aiki a kan maganin wannan, kuma matsayina bai sauya ba: a kwashe abin da ke allon a zuba shi a teburi guda na Google Sheets ko Excel wanda ake gyarawa tare, amma kada a kwafi siffar allon. A nan ne mafi yawan masu ƙoƙarin suke yin tuntuɓe.

Kafin mu kai can, hoton kansa yana da sharuɗɗa. A tsaya daidai tsakiyar allon, a kashe fitilar waya, domin farin allo yana mayar da haske ya cinye rubutu, musamman na koriyar maka ko ja da ta fara bushewa. A ɗauki allon gaba ɗaya sau ɗaya, sannan a matso a ɗauki kowace rana ita kaɗai. In za a tura wa mai bugawa, a tura a matsayin Document, don WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba har 201 ta koma kamar 207. Masu cewa a bar wa manhaja ta karanta hoton, irin Data from Picture da ke cikin Excel, ina ba su amsa a taƙaice: an fi samun nasararta a kan rubutun da aka buga da inji. Rubutun hannu mai kibiyoyi, da inuwar abin da aka goge, da kwas biyu cunkushe a gida ɗaya, gyaran abin da za ta fitar ya fi bugawa da hannu cin lokaci. Mutum biyu sun isa, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ɗaya yana bugawa, sannan su yi musaya su bi ta kai.

Yanzu ga asalin maganar. Allo yana da ranaku a gefe, sa'o'i a sama, kuma a cikin kowane gida an cusa abu uku ko huɗu: lambar kwas, ɗaki, sunan malami, wani lokaci da aji. Idon mutum yana raba su ba wahala. Kwamfuta kuwa tana ganin gidan a matsayin jimla ɗaya, ba za ta iya gaya maka ɗaki kaza an ba aji biyu a lokaci guda ba. Wanda ya sake zana wannan siffa a Word, ya haɗe gidaje, ya shafa launi, ya fitar da PDF, ya yi aikin ado, amma matsalar tana nan inda take. Abin da nake kira a yi shi ne kowace lacca ta samu layinta na kwance ita kaɗai, kuma kowane bayani ya samu layinsa na tsaye. Layukan tsaye bakwai sun wadatar, daga A zuwa G: rana, sa'ar farawa, sa'ar ƙarewa, kwas, aji, ɗaki, malami. Sa'o'in a rubuta su da lamba zalla bisa lissafin sa'a 24, wato 8, 10, 14, 16, ba "2pm" ko "8-10" ba, domin lamba ce kaɗai kwamfuta take iya auna wadda ta fi wata.

Mu ɗauki misalin sashe a tsangayar aikin gona. Digirin shekara biyar ne, 'yan shekara ta huɗu suna gona wajen aikin koyo, saboda haka azuzuwa huɗu ne a allo. Kwana biyar, kowace rana gida biyar na sa'a bibbiyu daga 8 zuwa 18, ya ba mu gida 25 ga kowane aji, gida 100 ke nan gaba ɗaya. A ce 60 ne a cike. To teburinmu dole ya zama layi 60 ban da kanun sama, kuma wannan ƙidaya ita ce gwajin farko: in an samu 58, an tsallake lacca biyu, a koma hoto rana bayan rana har a gano su. Kwas ɗin da ake yi Litinin da Alhamis layi biyu ne. Inda aka ja kibiya daga wani gida zuwa wani, kada mai bugawa ya yi hasashe, ya bar layin da alamar tambaya ya je ya tambayi wanda ya ja ta.

A cikin layukan nan 60, a ce akwai guda biyu kamar haka. Talata, 8 zuwa 10, 'yan aji biyu suna kwas ɗin kimiyyar ƙasar noma a ɗakin LT1. Talata, 9 zuwa 11, 'yan aji uku suna kwas ɗin kiwon dabbobi, su ma a LT1, domin malaminsu ya roƙi a matsar masa da sa'a ɗaya, aka rubuta "9–11" ƙanana a kusurwar gidan. A allo waɗannan biyun suna nesa da juna, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba mai lura sai ranar da malami na biyu ya iso da ɗalibansa ƙarfe tara ya tarar da ɗaki a cike. A teburin Google Sheets kuwa, sai a zaɓi A2:G200, a shiga Format, a zaɓi Conditional formatting, a ƙarƙashin Custom formula is a rubuta wannan, a ba shi jan launi:

```
=COUNTIFS($A:$A,$A2,$F:$F,$F2,$B:$B,"<"&$C2,$C:$C,">"&$B2)>1
```

Abin da yake tambaya a kan kowane layi mai sauƙi ne: layuka nawa ne suke rana ɗaya da ni, ɗaki ɗaya da ni, suka fara kafin in ƙare, kuma suka ƙare bayan na fara? Kowane layi yana ƙirga kansa, don haka amsar lafiya ita ce 1. Laccar ƙarfe 8 za ta ga ta ƙarfe 9 ta fara kafin 10 kuma ta ƙare bayan 8, amsa ta zama 2, layukan biyu su yi ja nan take. Laccar da ta fara 10 daidai a ɗakin ba za ta yi karo da wadda ta ƙare 10 ba, kuma haka ake so. A sake rubuta wannan doka sau biyu, a mayar da F ta zama G don kama malamin da aka raba shi gida biyu, a mayar da ita E don kama ajin da aka ɗora wa lacca biyu. Wannan ita ce ribar da allo ba zai taɓa bayarwa ba, kuma saboda ita kaɗai nake ƙin siffar allon.

Dokar tana da iyaka, kuma gara ku ji daga bakina. In wani ya rubuta LT1, wani ya rubuta LT 1 da tazara, kwamfuta za ta ɗauke su ɗakuna biyu, ja ba zai fito ba, ku zauna cikin kwanciyar hankalin ƙarya. Maganinsa Data validation: a jera sunayen ranaku da ɗakuna da malamai sau ɗaya, a sa Dropdown, kowa ya zaɓa daga jerin maimakon ya buga da hannu. Haka kuma laccar haɗaka, inda aji biyu suke zama tare da gangan, za ta yi ja alhali ba laifi, sai a rubuta dalilin a gefe. Sannan dokar ba ta san sallar Juma'a ba, ba ta san cewa aikin gona da safe ake yinsa kafin rana ta take ba, ba ta san ɗaki mai kujera 80 ba zai ɗauki mutum 200 ba. Waɗannan suna wuyan jami'in jadawali har gobe.

Sai batun wa zai taɓa. Ana ce mini in kowa zai iya gyarawa, ai ɗalibi zai matsar da laccar safe don ya yi barci. Ba wanda ya ce a ba kowa. A wajen Share matsayi uku ne. Editor na jami'in jadawali ne da mataimakinsa da shugaban sashe, kowa da adireshinsa na imel, kada a yi tarayya a kan asusu ɗaya. Malamai da wakilan aji a ba su Commenter, su rubuta roƙonsu a jikin layin da ya shafe su. Sauran jama'a Viewer. Duk gyaran da aka yi yana nan a Version history da sunan mai yi da lokacin, ana kuma iya dawo da na jiya in an yi ɓarna. Allo fa? Duk wanda ya wuce da tsumma a hannu edita ne, kuma ba ya barin suna. Abu ɗaya nake gargaɗi a kai: teburin da kowa zai buɗe kada a sa lambar wayar malami ko ta ɗalibi a ciki.

Masu kukan wuta da sabis da kuɗin data, kukansu gaskiya ne amma bai kai hujja ba. Teburi mai layi 60 rubutu ne zalla, kuma manhajar waya tana iya ajiye shi a duba ba sabis, ya sabunta in sabis ya dawo. Wanda ba shi da babbar waya, a tace layukan ajinsa, a jera su bisa rana da sa'a, a buga a takarda a manna, da kwanan wata a sama. Allon ma ban ce a cire shi ba. Ina cewa ne a juya tafiyar: a fara gyara a teburi, in ja bai fito ba sannan a kwafa a allo.

Roƙona ga shugabannin sassa da na makarantun sakandare, daga nan Zuru har Mahuta da Ribah da Dirin Daji, shi ne kafin zango mai zuwa ya kama, kowace tsangaya ta buɗe teburi ɗaya tak wanda dukkan sassan da suke tarayya a ɗakuna za su zuba laccocinsu a ciki, domin in kowane sashe ya riƙe nasa, karon da ke tsakanin sashe da sashe ba zai fito ba. A naɗa mutum biyu su bugo shi daga hoto, a manna mahaɗinsa a saman kowane zauren WhatsApp na aji, kuma hukuma ta rubuta a sanarwa cewa duk sauyin da bai shiga teburin ba, ba a yi shi ba.