Tsani a Jikin Babbar Mota: Me Ya Sa Yake Zamewa Bayan An Yi Nisa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen lodi a Jibiya, Illela ko Ƙonni, ya ga ɗan dako yana hawa tsani da buhu a ka. Ku lura, ba kasafai tsani ke zamewa a matakin farko ba, sai mutum ya yi sama, inda faɗuwa ke karya ƙashi. Yau dalilin hakan za mu duba.

Ƙarfi uku ne ke aiki a kan tsanin. Na farko nauyin mai hawa da kayansa, wanda ke ja ƙasa kai tsaye. Na biyu tokarewar jikin mota a kan tsanin daga sama. Da yake bodin ƙarfe ne mai santsi, ba ya riƙe komai, turawa kawai yake yi a kwance. Na uku shi ne yadda ƙasa ke tare gindin tsanin.

To, ga ƙa'idar: duk abin da ƙarfi uku suka riƙe bai motsa ba, idan ka ja layin kowane ƙarfi ka miƙa shi, dole layukan nan su haɗu a wuri ɗaya. Ku tuna da ƙyaure. In ka tura shi daidai saitin inda aka ɗaure shi, ba zai juya ba, sai ka kauce gefe. Haka nan, ƙarfi biyu ba sa iya juya abu a kan mahaɗarsu. In na ukun ya kauce wa mahaɗar, shi kaɗai zai juya shi, babu mai hana shi.

Bari mu auna. Tsani mai mita 5, kansa ya kai mita 4 a jikin mota, gindinsa mita 3 daga motar. Ɗan dako kilo 70, buhunsa kilo 50, ya zama 120. Nauyin tsanin kansa mu ajiye shi gefe don sauƙin lissafi.

Idan ya kai tsakiya, layin nauyinsa yana nesa da gindin tsani da mita ɗaya da rabi. Miƙa layin nan sama, zai gamu da layin tokarewar mota a tsayin mita 4. Nan ce mahaɗa, kuma dole ƙasa ta tura gindin tsani saitin nan. Wato a kan kowane 4 da take ɗauka sama, sai ta riƙe ɗaya da rabi a gefe. A kilo 120, kamar kilo 45 ke nan ke neman fizge gindin waje.

Yana ƙara hawa, mahaɗar na matsawa wajen mota, layin ƙasa kuma na ƙara kwanciya. A ƙololuwa ya zama 3 a kan 4, wato kilo 90. Mu ƙaddara ƙasar wurin tana iya riƙe rabin nauyin da ke kanta ne kawai, kilo 60. Za a cimma wannan iyaka da zarar ya hau kashi biyu cikin uku na tsanin. Daga nan sai zamewa. In kuwa siminti ne da hatsi ya zube a kai, ko laka bayan ruwan sama, riƙon bai ma kai haka ba.

Maganin yana cikin zanen. Matso da gindin ya zama mita 1 a kan kowane mita 4 na tsayi. Yanzu ko a ƙololuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne, kilo 30 kacal. Amma kada a miƙe shi fiye da haka, don in nauyi ya rinjaya bayan gindin, baya zai kife. Kuma gwada matakin farko ba shaida ba ne, domin a can kusan babu abin da ke fizgar gindin.

Ƙa'idar tana da iyaka. Katangar laka mai kaushi tana ɗan riƙe kan tsani, sai mahaɗar ta ƙara sama, abin ya yi sauƙi. Idan an ɗaure gindin da igiya, ko wani ya taka shi, ƙarfi ya zama huɗu, lissafi ya canza, kuma hakan ya fi aminci. Sannan makiyayin da ya rataya jarka biyu a sanda a kafaɗarsa, layukansa uku duk a tsaye suke, ba su haɗuwa. Shi nasa daidaita nauyi da nisa ne.

Kafin a ɗora buhun farko, a auna da taku: ɗaya a ƙasa, huɗu a sama. Allah Ya tsare, Ya ba da kasuwa. Sai mako mai zuwa.