Gyaran rubutun wanda ya koyi Hausa da girma

Wata 'yar bautar ƙasa, wadda sai da ta zo Jigawa ta koyi Hausa, ta ba ni labarinta in gyara.

Ta rubuta "ƙanwata ya zo", na mayar "ta zo", don jinsi ba ya ɗaukar sassauci. Inda ta sa "kasa" tana nufin ƙasa, na sa lanƙwasa, tunda ma'ana ta sauya.

Amma ta ce kewar gida tana "cizon" ta. Mu "damun ta" za mu ce, to ai kowa ya gane, kuma wallahi cizon ya fi zafi. Na bar mata abinta. Karin magana kuwa, ko ɗaya ban cusa mata ba, tunda ba da ita take magana ba.