Babban Wa Ya Ce «Na Yafe»: Me Ya Kamata Takardar Ta Ƙunsa?

Lacca ga taron malamai da masu unguwanni a Garwa

 

Hausawa na cewa babban wa magajin uba. Shi ya sa a unguwar Yelwa ko Fulɓere, bayan an share makoki, mukan ji ɗan fari ya ce ya yafe wa ƙannensa rabonsa, tunda Allah Ya rufa masa asiri. Wannan alheri ne babba, kuma ina so ya ɗore. Amma yafewar baki kaɗai takan zama shari'a tsakanin jikoki. Takarda ce ke hana haka, in ta amsa tambaya uku: yaushe, ga wa, kuma an miƙa?

Tambaya ta farko, lokaci. Ba a yafe gado uba yana raye, domin ɗa bai mallaki komai ba tukuna. Dokar farar hula da ake aiki da ita a wannan sashe na Kamaru ma ta hana, a sashe na 791. Da zarar uba ya cika kuwa, a fiƙihu rabon ɗa ya shiga mallakarsa, ya so ko bai so ba. Saboda haka abin da yake yi kyauta ce daga dukiyarsa. In kuma an ba shi wani abu ya fita, kamar shago a madadin kasonsa na gida, wannan sulhu ne da malamai ke kira takharuji. A biya bashi da wasiyya tukuna, sannan a faɗa masa adadin rabonsa, don kada ya yafe abin da bai san girmansa ba.

Tambaya ta biyu, ga wa? Mu ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza uku da mata biyu, da dukiyar Sefa 19,200,000 bayan an fitar da bashi. Matar za ta ɗauki tumuni, wato 2,400,000. Ragowar 16,800,000 a kasa takwas: kowane namiji 4,200,000, kowace mace 2,100,000. To, babban wa ya bar nasa 4,200,000. In an raba shi bisa ƙa'idar gado, kowane ƙane zai sami ƙarin 1,400,000, kowace ƙanwa 700,000. In an raba daidai, kowa cikin huɗun zai sami 1,050,000. Duka biyun sun halatta, domin kyauta tana bin nufin mai ita. Amma in takarda ta yi shiru, Sefa 350,000 na kowace ƙanwa na rataye a kan fassarar wani. A rubuta sunan kowa da kasonsa, a kuma bayyana ko uwar tana ciki.

Dokar ƙasa tana da nata bambancin a nan. Wanda ya ƙi gadon baki ɗaya, a ofishin magatakardar kotu yake bayyana haka, bisa sashe na 784, kuma ana ɗaukarsa kamar bai taɓa zama magaji ba. Wanda ya yafe don wasu magada da ya zaɓa kuwa, sashe na 780 ya ɗauke shi a matsayin wanda ya karɓi gadon sannan ya bayar. Ma'ana, masu bin mamaci bashi suna iya nemansa ko da bai riƙe ko sisi ba.

Tambaya ta uku, miƙawa. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓe ta a hannunsa. Haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid. In wa ya yafe amma ya ci gaba da karɓar kuɗin haya har ya rasu, kyautar ta ɓaci, kason ya koma gadon 'ya'yansa. Alamar matsala ke nan: shekaru sun shuɗe, makullai da kuɗin haya suna hannun mai yafewa. In ƙannen yara ne, waliyyinsu ya karɓa musu a gaban shaidu biyu adalai.

Kada kuma a tsaya a zauren liman ko fadar Lamiɗo. A shigar da yafewar cikin takardar zaman iyali, a kai ta kotu a sami hukuncin tabbatar da magada. In gidan yana da takardar mallaka, dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta ce canjin hannu sai ta wurin noter, in ba haka ba bai inganta ba.

Roƙona ga malamai shi ne: kafin ku sa hannu a matsayin shaidu, ku keɓe da ɗan farin ku tambaye shi ko kunyar jama'a ce ta sa shi magana, ko kuma akwai bashin da ya dabaibaye dukiyarsa, domin mai irin wannan bashi ba ya da ikon kyauta. In ya tabbata a kan niyyarsa, ku rubuta, ku sa a miƙa a ranar.

Allah Ya saka wa masu yafewa da alheri.