Janareta Ko Sola: Mu Yi Lissafi Tukuna

Yau lissafi za mu yi tare. Kowa ya ɗauko littafinsa da fensir.

Da yawa cikinmu suna cewa janareta ya fi sola araha. In ka tambaye su dalili, sai su ce inji kuɗinsa kaɗan ne, sola kuwa sai mai hali. Gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Wanda ya sayi doki ya san ba ranar ciniki ake gama biyan kuɗin doki ba. Akwai dawa, akwai harawa, akwai magani. To, haka inji yake.

Kun tuna ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Kafin ranar, farashin gwamnati bai kai naira 200 a kan lita ba. Kafin ƙarshen 2024 lita ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Saboda haka wanda ya yi lissafinsa tun zamanin tallafi, lalle ne ya sake sabo.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga mai shagon cajin waya a bakin hanyar Sakkwato zuwa Jega. Yana da ƙaramin injin nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai. Yana tashe shi awa 6 kullum, uku da rana, uku da dare. Kuɗin da za mu ambata na misali ne, domin lissafi ya zo da sauƙi. Kowa ya sa farashin da ya tarar a kasuwa.

Da fari sai ya san abin da injinsa ke sha. Kada ya yi kintace. Ya cika tanki, ya duba agogo, ya yi aikinsa. In ya kashe, sai ya sake cika tankin da kwalbar da ya san awonta. Abin da ya shiga, shi ne abin da inji ya sha. A ce ya tarar rabin lita ne kowace awa, watau lita 3 a yini, lita 90 a wata. In lita naira 1,000 ce, fetur kaɗai ya ci naira 90,000. In kuwa wurin 'yan bumburutu yake saye, sai ya ƙara.

Sa'an nan ga baƙin mai. Irin wannan inji yana son kashi ɗaya na baƙin mai cikin kashi hamsin na fetur. Lita 90 za ta ci kusan lita 2, mu ce naira 8,000. Wanda ya yi rowar baƙin mai, fistin ne zai kame, ya biya ninki wurin bakanike.

Sai ƙananan gyare-gyare, watau sauya fulogi, da wanke kafireta, da igiyar da ta tsinke. Mu sa 3,000 a wata. Akwai kuma babban gyara, ranar da zobban fistin suka cinye ko koyil ya ƙone. Wannan ba kowane wata yake zuwa ba, shi ya sa ake mantawa da shi. Dabara ita ce a tara na shekara a raba 12. Mu sa 4,000. Daga ƙarshe inji kansa yana tsufa. In an saye shi 120,000, ya yi shekara biyu, ya ci 5,000 ke nan kowane wata.

To, ku tara. Naira 110,000 ne a wata. Ku lura, kuɗin sayen injin, wanda shi kowa ke dubawa, 5,000 ne kurum a ciki.

Yanzu mu koma ga sola. Nan ma awo ne farko. Kowane kayan lantarki an rubuta ƙarfin da yake ja a jikinsa, ana kiransa wat. A ce wayoyin mutumin nan, da fanka, da ƙwai biyu, duka sun tashi wat 250. Sau awa 6, yana bukatar 1,500 a yini. A ƙasarmu ana iya dogara ga awa 5 na rana mai ƙarfi. Faifai biyu masu wat 300 kowanne, sau 5, sun ba da 3,000. Amma zafi da ƙura da waya suna cinye wajen sulusi. Saura 2,000. Ya isa, har da ɗan rara.

Aikin dare kuwa batir ne ke ɗauke da shi. Babban batir mai ruwa, wanda aka rubuta 12V 200Ah a jikinsa, yana riƙe 2,400. Amma rabi kaɗai ake ɗiba, in ana so ya daɗe. Awa ukun dare suna son 750, saboda haka batir ɗaya ya wadatar.

Mu sa kuɗi. Faifai biyu 200,000. Batir 300,000. Inbata, mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, da kwantirola, mai tsare batir kada caji ya yi masa yawa, 200,000. Waya da ladan mai haɗawa 100,000. Jimla 800,000. Kuɗi ne mai nauyi, ba mu musu. Amma wanda ke ba inji fiye da 100,000 kowane wata, cikin wata 8 ya ƙone kuɗin solan nan duka, ya zama hayaƙi.

Kada dai a ce daga nan wuta kyauta ce. Faifai mai kyau yana wuce shekara 20, amma batir ba haka ba ne. In ya yi shekara uku, sai a riƙa ajiye wajen 8,500 kowane wata domin sabo, da wajen 3,500 domin inbata da kwantirola. Wanda bai yi wannan asusu ba, ranar da batir ya mutu sai ya koma jan igiya.

Sola kuma tana son kulawa. A kafa faifai yana duban kudu, inda inuwar bishiya ba ta kai. Lokacin hunturu a goge ƙura da sassafe, kafin ya yi zafi. A ajiye batir inda iska ke shiga, gama zafin bazara yana rage masa kwana. In ruwansa ya ja baya, a ƙara ruwan batir, ba na rijiya ba. In kun ga batir ya cika da wuri, ya kuma ƙare da wuri, to, ya soma gajiya. Cikin Agusta, in hadari ya rufe rana kwana biyu, sai a rage kaya ko a tashi tsohon injin. Don haka kada a yi garajen sayar da shi.

Ba kowa ne lissafin zai ba amsa ɗaya ba. Wanda ke tashin inji awa ɗaya kurum da dare, kuɗin sola zai daɗe bai dawo masa ba. Mai walda da mai injin niƙa kuwa, wannan 'yar sola ba ta ɗaukar aikinsu. Nasu lissafi dabam ne.

Ga aikin da muka ba ku. Daga gobe, kowane mai inji ya ja layi uku a littafinsa: kwanan wata, da awoyin da inji ya yi, da abin da ya kashe masa, ko da fulogi ɗaya ne. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ɗan ajinsu ya taimake shi. Bayan kwana talatin ku kawo, mu tara tare a kan allo.

Allah ya sa mu dace. Wasalam.