Yadda Za Mu Yanka Kuɗin Koyon Sana'a a Cibiyarmu



Kwamiti ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan kuɗin da ya kamata a riƙa karɓa daga ɗalibai a cibiyar koyon sana'a da ƙungiyarmu ke shirin buɗewa. Mu da muka daɗe muna riƙe da makaranta mun ga yadda ake yanka irin wannan kuɗi: a zauna a zaure, wani ya ce dubu talatin, wani ya ce a tausaya wa talaka a bar shi ashirin, a tashi a kan ashirin da biyar. Ba wanda ya tambayi nawa ne ake kashewa a kan ɗalibi guda. Mu da wannan tambaya za mu fara. Adadin da za mu kawo duk misali ne. Kwamiti shi zai shiga kasuwar Birnin Kebbi da ta Argungu ya jiyo farashin ranar.

Mu ɗauki ajin ɗinki na wata shida, da keken ɗinki ashirin, kowane ɗalibi da nasa. Kuɗin da za a kashe iri biyu ne. Akwai wanda ke bin ɗalibi: yadin gwaji, zare, allura, alli da takardar shaida. Idan ɗalibi bai zo ba, ba a kashe shi. Mu ce naira 18,000 a kan kowane mutum, wato 360,000 ga mutum ashirin. Wannan ba ya ɓoyuwa, domin ana ganinsa da ido.

Na biyun shi ne wanda za a biya ko aji ya cika ko bai cika ba. Malamai biyu, in aka ba kowannensu naira 70,000 a wata, wato mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta tsayar a shekarar 2024, za su ci 840,000 a wata shida. Sai hayar gida, maigadi, ruwa da wuta, waɗanda ajin ɗinki zai raba da ajin kwamfuta. In duka sun kama 600,000, kason ɗinki 300,000 ne. Amma a lura, kada a sa man janareta cikin wannan rabo. Keken ƙafa ba ya shan fetur, guga kuma ana iya yinta da dutsen gawayi. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, a 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Raba wannan kuɗi daidai wa daida zalunci ne ga yarinya mai koyon ɗinki, don ita ce za ta riƙa biya wa mai koyon kwamfuta.

A nan ne muke son a saurara da kyau. Ɗaya daga cikinku zai iya ba da kyautar kekunan nan ashirin, kuma mun san akwai masu niyya. To kyauta ba ta hana keke tsufa. In kowane ya kama naira 150,000, dukiyar miliyan uku ke nan a ɗaki guda. Keke a hannun tela ɗaya yana iya kai shi ga jikoki, amma a hannun masu koyo da ke sauyawa sau biyu a shekara, mu ba shi shekara shida. Ke nan kowace shekara naira 500,000 na narkewa, kowane zango 250,000, ba tare da an ga kowa ya zura hannu a aljihu ba. Dole a sa wannan cikin lissafi, a kuma ware shi a asusu na daban wanda ba a taɓawa. Mu ƙara 50,000 na mai gyara da man keke. Haka nan in wani ya ba mu aron gida, a rubuta hayarsa kamar ana biya, domin ranar da magada suka nemi abinsu ba za a ba mu wa'adi mai tsawo ba.

In aka tara albashi, kason haya, tsufan kekuna da gyara, an sami 1,440,000. A haɗa da 360,000 na kayan aiki, jimla naira 1,800,000. A raba gida ashirin, kowane ɗalibi ya tashi a kan 90,000.

Nan ne mafi yawan kwamitoci ke rufe littafi, nan ne kuma kuskuren yake. Kujera ba ta biyan kuɗi. Duk wanda ya riƙe rajistar makaranta a ƙasar Kabi ya san abin da ke faruwa in aikin shinkafa ya kankama a fadamar Rima: yaro ya tafi dashe ko yanka, sai bayan mako uku a gan shi, ko ma a daina ganinsa. Wata an ɗaura mata aure, wani mahaifinsa ya biya rabi ya ce a yi masa haƙuri. Mu ɗauka cikin ashirin, kuɗin mutum goma sha shida ne kawai ya shigo cikakke. A kan 90,000, abin da zai shiga asusu 1,440,000 ne, giɓin 360,000 ke nan, alhali malamai sun koyar, yadi kuma an riga an yanka. Saboda haka da goma sha shida za a raba, ba da ashirin ba. Amsar ita ce 112,500. A ɗora kashi goma cikin ɗari saboda tashin farashi a tsakiyar zango, ya zama 123,750, mu cike shi 125,000.

Mun ga wasu sun gyara zama. Gaskiya ne, manomi ko masunci ba zai iya fitar da wannan kuɗi a kan ɗa guda ba, kuma tela na bakin kasuwa zai karɓi yaro a kan abin da bai kai haka ba. Amma 125,000 ba shi ne lalle abin da za a nema daga iyaye ba. Shi ne abin da wani zai biya, ko iyaye ko mu. In taro ya ga iyaye za su iya 75,000, to ragowar 50,000 tana wuyan ƙungiya. Sau goma sha shida, naira 800,000 ke nan a zango, 1,600,000 a shekara, a kan ajin ɗinki kaɗai. Wannan adadi muke so a karanta wa 'yan'uwa mazauna birane kafin a yanke igiyar buɗe cibiya, ba bayan an buɗe ba. Muna kuma ba da shawara a rubuta duka biyun a kan rasit, abin da uba ya biya da abin da ƙungiya ta cika, don ya san darajar kujerar da ɗansa ke zaune a kai.

Cibiyar da ta yanka kuɗi ƙasa da ƙima ba ta nuna alama a zangon farko, domin komai sabo ne. Sai a shekara ta biyu za a ga keke ɗaya an tura shi lungu, ana ciro kayansa ana gyara wani, ɗalibai biyu sun koma kan keke guda. Albashin watan biyar ya fara makara, malamin kirki ya koma shagonsa. Ma'aji kuwa yana nan yana cewa ba a bin mu bashi, alhali jarin ne ake ci.

Abin da muke roƙon taro ya amince da shi a yau shi ne a karɓi rabin kuɗin ranar rajista, sauran kafin ƙarshen wata na uku, sannan ma'aji ya sake wannan lissafi a farkon kowane zango, ya raba da yawan waɗanda suka biya a zangon da ya wuce. Kwamitin ajin kwamfuta kuma ya kawo nasa lissafin, da kuɗin mai a ciki, a zamanmu na gaba.