Wayar yaro: abin da makulli ke tsarewa da abin da ba ya tsarewa

 Yau za mu duba yadda ake sa wa wayar yaro iyaka. Tun da yawancin wayoyin da ke hannun jama'armu, irin su Tecno da Itel da Infinix, masu Android ne, za mu tsaya kan manhajar Google mai suna Family Link, wadda ba a biyan ko sisi a kanta.

Mu ɗauki misali. Uba ya sayi sabuwar waya, zai ba ɗansa mai shekara 11 tsohuwar. To, kafin ta shiga hannun yaron, aikin farko shi ne uban ya kwashe hotunansa da lambobinsa, ya cire asusunsa na Google daga cikinta. Idan aka bar asusun babba a ciki, wayar tana ɗaukar mai riƙe da ita a matsayin babba, duk ƙofofi a buɗe.

Daga nan uban ya sauke Family Link a tasa wayar, ya buɗe wa yaron asusu na kansa daga cikin manhajar. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Idan aka zo wajen ranar haihuwa, sai a ƙara wa yaro shekaru don a gama da sauri. Don Allah kada a yi haka. Shekarun da aka rubuta su ne ke gaya wa Google cewa wannan yaro ne. Ka rubuta 20, ka ba shi 'yancin ɗan shekara 20 ke nan. Bayan an buɗe asusun, sai a shigar da shi a wayar yaron, wayoyin biyu suna kusa da juna, kowace da data. Wanda wayarsa ke Turanci zai ga wurin a Settings da sunan Digital Wellbeing & parental controls. Wanda tasa ke Faransanci ya duba Paramètres, ya nemi Contrôle parental.

Yanzu sai lokaci. Akwai iyakar yini, wato Daily limit ko Limite quotidienne, kuma kowace rana ana iya ba ta nata. Uban nan zai iya sa awa ɗaya da rabi a ranakun makaranta, awa biyu da rabi Asabar da Lahadi. Akwai kuma lokacin hutu, Downtime, wanda zai iya sa shi daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 da rabi na safe. Da lokaci ya cika, wayar ta kulle. Amma hankalinku ya kwanta, in akwai layi a ciki ana iya kiran yaron ya ɗauka, shi ma yana iya kiran gaggawa.

Sai dai iyakar yini kaɗai tana da matsala. Yaro ya cinye awa ɗaya da rabinsa a wasa, da magariba ya zo yana cewa malam ya ba su aiki, waya ta mutu. Maganin wannan shi ne a raba lokacin manhaja-manhaja. Wasan ƙwallo a ba shi minti 30, bidiyo minti 30. Ƙamus da manhajar Alƙur'ani da ta lissafi kuwa a sa su cikin waɗanda ba a ƙirga musu lokaci. Ka ga ba shi da hujjar cewa an hana shi karatu.

Na gaba shi ne tace abin da yake gani. A Google Play manhajoji suna da lambar shekaru: 3, 7, 12, 16, 18. Ga ɗan shekara 11 a tsaya a 7, a kuma kunna neman izini, ta yadda duk abin da zai sauke sai saƙo ya zo wayar uba ya amince. A Chrome zaɓi uku ne: a bar duk shafuka, ko a yi ƙoƙarin toshe na batsa, ko a bar waɗanda uba ya zaɓa kaɗai. Ku lura da kalmar "ƙoƙari". Su kansu masu manhajar ba su ce tana kama komai ba. Ga yaro ƙarami na ukun ya fi tsaro, amma yana da wahala, domin duk sabon shafi sai ya nemi izini. Ga wanda ya fara bincike na makaranta, na biyun ya fi dacewa.

To jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Wannan tacewa tana aiki ne a kan abin da ya biyo ta intanet ta ƙofofin Google. A wajenmu kuwa, bidiyo da yawa ba ta nan yake zuwa ba. Hannu da hannu yake yawo: katin memori da aka cika a shagon masu tura fina-finai, ko aboki ya tura ta Xender ko Bluetooth. Family Link ba ta duba abin da ke cikin kati. Ba ta karanta saƙonnin WhatsApp, ba ta nuna maka abin da ke kan fuskar wayar yaro. Abin da za ta iya shi ne ta toshe manhajar turin gaba ɗaya, ko ta rage mata lokaci. WhatsApp da TikTok kuwa, ka'idar buɗe asusu irin na kowa a cikinsu shekara 13 ce, yaron namu bai kai ba tukuna.

Wani abu kuma da ya shafe mu nan bakin iyaka, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa: idan ka canza iyaka a wayarka, ba za ta isa wayar yaro ba sai ta samu intanet. Tsohuwar iyakar ce za ta ci gaba da aiki. In kana son buɗe masa alhali babu data, akwai lamba a manhajarka mai suna Parent access code da za ka buga a wayarsa. Ita da kalmar sirrinka, kada ka buga su yana kallon yatsunka.

Yaya za ka gane an zagaye ka? Duba rahoton da manhajar ke bayarwa na lokacin da aka ɓata a kowace manhaja. In ka ga YouTube minti 10 amma manhajar kunna bidiyo ta ci awa guda, kallon daga kati yake. In ka ga rahoton ya faɗi kusan babu komai, yaron kuma bai daina kwana da jan ido ba, wataƙila akwai wata wayar, ta yayansa ko ta aboki.

Shi ya sa ake so a yi wannan aiki yaron yana zaune. Uba ya nuna masa abin da zai riƙa gani, wato lokaci da sunayen manhajoji da inda wayar take, ya kuma gaya masa abin da ba ya gani. Su yi yarjejeniya: waya tana kwana a ɗakin mahaifiya, in ya kiyaye wata guda za a ƙara masa minti 15, in wani ya turo masa abin da bai dace ba ya kawo, ba za a ƙwace wayar ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi, domin yaron da ya san za a ƙwace, ɓoyewa zai yi. Kuma shekara biyu ce ta rage ya kai 13. Gara a riƙa sassauta igiyar kaɗan-kaɗan tun yanzu, ana ganin yadda yake riƙe kansa.

Nan za mu dasa aya. Mai tambaya ya aiko ta layin shiri. Allah Ya shirya mana zuri'a, a huta lafiya.